Yadda "iza" da "lau" suka hana ni barci kwana uku kan kwantiragin Kawu

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, jallabiya da zannuwan gado yake kawowa daga Masar, kuma shekara da shekaru yana hulɗa da mutanen can da baki kawai, amana ce. Wannan karon ne da kuɗin suka yi yawa suka rubuta kwantiragi da Larabci, shafi huɗu, kowa ya sa hannu. To kaya suka makara har kasuwar sallah ta wuce, kwantena ɗaya ta iso Apapa wasu dilolin da tabo a jiki, ta biyun kuma shiru, shi kuma Bamisiren yana ta kira wai a cika masa ragowar kuɗinsa. Kawu ya je wajen wata lauya, tace ita bata jin Larabci, a kawo mata komai da Turanci, kwantiragin da duk hirar da suka yi a WhatsApp. Shine ya kira ni da daddare yace "ɗana kai da ka zauna a Alƙahira ai wannan ba zai gagare ka ba, gobe nake so." Nace to Kawu. A raina na ɗauka aikin yini ɗaya ne, sai gashi ya ci min kwana uku, kuma kusan duk lokacin a kan haruffan sharaɗi ya tafi.

Abin da muka taso da shi a nahawu kowa ya sani. Akwai harafin sharaɗi, akwai fi'ilin sharaɗi, akwai jawabi. "In" tana jazama fi'ili biyu, "iza" bata jazamawa, "lau" kuma malam yace mana harafi ne na hanuwar abu saboda hanuwar wani. Da muka shiga balaga aka ƙara mana cewa "iza" ta abin da ake da tabbacin zai faru ce, "in" kuma ta abin da ake kokwanto. Misalin da yafi zauna min shine ayar alwala a Ma'ida, aya ta 6, "iza ƙumtum ilas salati", tashi zuwa salla dole ne kullum sai an yi shi shi yasa aka zo da iza, can gaba kuma "wa in kuntum junuban", janaba ba kullum ba ce sai aka zo da in. Haka ayar bashi a Baƙara, ta 282, da iza ta fara, da aka zo maganar idan ba a samu shaidu maza biyu ba sai aka ce "fa in lam yakuna rajulaini". Da wannan karatun a kaina na buɗe laftof, lissafina mai sauƙi: iza ita ce "when", in ita ce "if", lau kuma "if ... had ... would have". Da haka na yi zubin farko a daren nan.

Washegari na kai wa Barista ta karanta a gabana da jan biro a hannu. Bata wuce sashe na 4 ba ta tsaya. Larabcin cewa yayi "iza wasalatish shuhnatu ila mina'i Lagos yaltazimuɗ ɗarafus sani bi sadadi baƙis samani hilala hamsata ashara yauman", wato in kaya sun iso tashar Legas ɓangare na biyu, Kawu kenan, zai biya ragowar kuɗi cikin kwana 15. Ni kuma na rubuta "When the shipment arrives". Tace "Malam, when ne ko if? dan shari'ar nan rabinta a kan wannan kalmar take." Nace ai iza ce, iza kuwa when ce. Tace in na rubuta when, lauyan wancan ɓangaren zai iya cewa bashin yana kan Alhaji tun ranar sa hannu, isowar kaya lokacin biya kawai take nunawa, amma in if ce to bashin ma bai hau kansa ba sai kayan sun iso, kuma kwantena ta biyu bata iso ba. Wallahi jikina yayi sanyi, dan ban taɓa kallon abin ta nan ba. A Hausa ma ai bamu raba su, "idan kaya sun iso" tana ɗaukar duka biyun, idan gari ya waye da idan na samu kuɗi duk idan ce, mai sauraro ne yake gane wanne ne tabbas wanne ne ƙila. Turanci ne ya tilasta maka ka zaɓa.

Na koma gida na bi kwantiragin da biro ina zagaye kowane harafin sharaɗi, abin da ya kamata in fara yi tun farko kenan. Iza ta fito sau tara. In kuwa sau biyu kacal, ɗaya a "fa in lam" bayan an riga an buɗe magana da iza, ɗaya a "in wujidat". Kuma cikin izan nan tara akwai "iza ahalla ahaduɗ ɗarafaini", idan ɗaya daga cikin ɓangarorin ya saɓa alkawari. To wa zai ce saɓa alkawari abu ne tabbatacce da ake jira? Babu mai rubuta "when either party breaches" sai kace an shirya saɓawar. Nan na gane ƙa'idar balaga da na riƙe gaskiya ce a Larabcin Alƙur'ani da na magabata, amma Larabcin lauyoyin zamani ya riga ya mai da iza harafin sharaɗi na yau da kullum, ita ce "if" ɗinsu, in kuma ta koma gefe ana kawo ta a reshen magana. Dokar madani ta Masar ta 1948 ma haka take tafiya, sashe bayan sashe da iza yake buɗewa, kuma galibi kan abubuwan da ka iya faruwa ko su ƙi faruwa ne.

Abin da ya taimake ni a dokar nan shine ita kanta ta raba abu biyu da Barista take tambaya a kai. Sashe na 265 yana maganar sharaɗi, wajibin da aka rataya a kan abu mai zuwa wanda ba a tabbatar zai faru ba. Sashe na 271 kuma yana maganar ajali, abu mai zuwa wanda tabbas zai faru. Kenan bambancin yana nan a fiƙihun dokarsu, kawai ba a jikin harafin yake ba, a jikin abin da aka rataya maganar a kai yake. Sai na daina tambayar wane harafi ne, na koma tambayar shi wannan abin dole ne ya faru ko zai iya ƙin faruwa. Ƙarewar wa'adin kwantiragi dole ne, ranar zata zo ko ana so ko ba a so, dan haka "iza intahat muddatul aƙdi" na bata "when", ko "upon expiry". Saɓa alkawari, jinkiri, lalacewar kaya, duk "if". Takwas daga cikin taran suka warware a haka cikin awa ɗaya.

Sashe na 4 ne ya ƙi. Isowar kaya abu ne da ɓangarorin biyu suke sa rai, dan shi aka yi cinikin ma, amma jirgi yana iya nutsewa, mai kaya yana iya ƙin turowa. Larabcin bai yanke ba. In na sa "if" na taimaki Kawu da abin da takardar bata faɗa ƙarara ba, in na sa "when" na cuce shi da abin da bata faɗa ba. Na yi tunanin "if and when" da lauyoyin Turanci suke so, amma ita ma ƙarshenta sharaɗi take tabbatarwa, ta fi Larabcin ƙarfi. Daga ƙarshe na rubuta "Upon arrival of the shipment at the port of Lagos, the Second Party shall pay the balance of the price within fifteen days", sannan na sa bayanin mai fassara a ƙasa layi biyu, cewa kalmar asali iza ce, tana ɗaukar if tana ɗaukar when, kuma a sauran sassan wannan takardar an yi amfani da ita da ma'anar if har sau bakwai. Barista tace wannan bayanin ya fi mata amfani a kan in zaɓar mata, dan yanzu hujja ce a hannunta da zata iya tsayawa a kai, ba ra'ayin ɗan'uwan mai ƙara ba.

Kuskure na biyu da jan biron ya kama na lokaci ne. Sashe na 6 yace "iza ta'ahharaɗ ɗaraful awwalu fish shahni aksara min salasina yauman jaza liɗ ɗarafis sani fas'hul aƙdi ma lam yakunit ta'ahiru raji'an ila ƙuwwatin ƙahira". Ta'ahhara fi'ili mali ne, wato na abin da ya wuce, jaza ma mali ne, sai hannuna ya bi su na rubuta "If the First Party delayed ... the Second Party could terminate". Na san sarai mali bayan harafin sharaɗi ma'anarsa mai zuwa ce, mun karanta, amma sanin ƙa'ida daban, hannunka ya bi ta ƙarfe ɗayan dare daban. Matsalar kuma ba ta kyan Turanci kaɗai ba ce. A Turanci in ka sa fi'ilin da ya wuce bayan if sannan ka kawo could ko would, ka mai da maganar ta zato, irin "da a ce", abin da ba a sa ran zai faru. Haƙƙin soke ciniki kuwa ba zato ba ne. Daidai shine fi'ilin yanzu a ɓangaren sharaɗi, sannan jawabi ya ɗauki shall in wajibi ne, may in izini ne: "If the First Party delays shipment for more than thirty days, the Second Party may terminate the contract, unless the delay is due to force majeure." Yaltazimu da yajibu su ne shall, jaza da yajuzu da yahiƙƙu lahu su ne may, la yajuzu kuma shall not ko may not. Kuma shall ko will basa shiga cikin ɓangaren if ɗin, a jawabi suke zama. Hausa a nan ta fi kusa da Larabci, mu ma "idan ya makara" muke cewa da sigar abin da ya riga ya faru alhali gobe muke nufi, ina ga shi yasa kunnena bai ji komai ba lokacin da nake rubutawa.

"Ma lam" ɗin ƙarshen sashen bata bani wahala ba, "unless" ce, togiya ce daga hukuncin da ya gabata. Abin lura kawai kar ka ninka korewa, lam ɗin ta riga ta narke cikin unless, in ka rubuta "unless the delay is not due" ka juya maganar gaba ɗaya. "In wujidat" kuma "if any" ce, "wa illa" da ta zo bayan wa'adin kwana 15 na bata "failing which". Waɗannan duk na wuce su da sauri.

Inda muka yi ƴar jayayya da Kawu sashe na 8 ne. An rubuta ba a karɓar mayar da kaya bayan kwana bakwai daga ranar karɓa "wa lau zahara fiha aibun". Wannan lau ɗin ba ta "da a ce" ba ce, wawun da ke gabanta ya canza ta, ta zama "ko da", wato "even if a defect appears in them". Hukuncin yana nan ko aibi ya bayyana ko bai bayyana ba. Kawu kuma sai a kwana na goma sha biyu yaransa suka buɗe dilolin suka ga tabon. Da na karanta masa da Hausa yayi shiru, can yace "ɗana ba yadda za a yi a sassauta wannan wajen? ai kai ne mai rubutawa." Nace Kawu ka yi haƙuri, su ma suna da kwafinsu na Larabci, duk wanda suka ɗauko ya fassara zai ga wawun nan, in aka kama mun taɓa harafi ɗaya to sauran shafukan da suke goyon bayanka ma babu mai yarda da su. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, dan kuɗi ne masu yawa kuma mutumin nan shi ya biya min kuɗin jirgi lokacin da zan tafi karatu. Amma even if na rubuta. Barista tace ta fi son ta san ramin tun yanzu a kan ta faɗa cikinsa a gaban alƙali.

Na ɗauka na gama da mai wuya, ashe hirar WhatsApp ce ke jirana, saƙo wajen ɗari biyu, Kawu yana rubuta Larabcinsa na kasuwa shi kuma Bamisiren yana zuba ammiyya zalla, wato Larabcin titi na Masar. A nan lau ce ko ina, iza da ƙyar na ganta. Duk wanda ya zauna a Masar ya san a bakin mutanen titi lau ita ce "idan" ta kullum, ba ruwanta da hanuwar wani abu. Mai tasi zai ce maka lau kaza, mai shago lau kaza, "lau samaht" ma da ake ji sau ɗari a rana ba sharaɗi ba ce sam, "please" ce kawai, dan Allah. Duk da na san haka, a zubin farko na faɗa ramin a saƙo mafi muhimmanci, saboda na taso daga kwantiragin kaina cike da fusha, wato Larabcin littafi.

Saƙon na ranar da Kawu ya tura kafin alƙalami ne. Mutumin ya rubuta "lau wislit il hawala innaharda hash'han bukra". Ni na fassara "If the transfer had arrived today, I would have shipped tomorrow". Ku duba abin da wannan Turancin yake faɗa: kuɗin basu iso ba, shi yasa ban tura ba. Wato na sa masa a baki shaidar cewa Kawu ne ya makara da biya, wanda shine ainihin abin da yake iƙirari. Alhali abin da ya rubuta alkawari ne, "If the transfer arrives today, I will ship tomorrow", idan kuɗi sun shigo yau gobe zan loda. Takardar banki kuma ta nuna a ranar suka shiga. Da fassarar farko aka tafi da ita, da saƙon da yafi kowanne taimakon Kawu ya zama makami a kansa.

Yadda na gane, a karatu na biyu ne kalmar "tomorrow" ta tsaya min a wuya, would have shipped da gobe basa zama tare cikin daɗi. Sai na koma Larabcin na duba jawabin. Hash'han, wannan ha ɗin ta farko alamar abu mai zuwa ce a Misiranci, kamar sa ko saufa a fusha. Ga bukra. Ga kuma babu kalmar "kan" ko "kunt" a ko ina. A fusha lau ta "da a ce" tana zuwa da mali a ɓangarorin biyu kuma galibi da lam a jawabi, kamar "lau kana fihima alihatun illallahu la fasadata" a Anbiya aya ta 22, wannan la ɗin ta la fasadata ita ce tambarin. A ammiyya lam ɗin ta faɗi, kan ce take ɗaukar aikin, sai ka ji ta a jawabi, sau da yawa ma a ɓangarorin biyu. Daidai da namu "da ... da", da ka faɗa min da na zo. In baka ga wannan tagwayen ba to kar ka yi saurin kai maganar ga would have.

Kuma sai ga ta gaskiyar ta fito bayan sati biyar, lokacin da rigima ta fara. Ya rubuta "lau kunt ba'att il fulus badri kunt shahant". Ga kunt sau biyu, ga badri, da wuri. Wannan kam "If you had sent the money earlier, I would have shipped". Saƙo biyu, harafi ɗaya, mutum ɗaya, ɗaya alkawari ɗaya zargi, kuma da aka jera su da kwanan wata sai na biyun ya ci karo da na farkon da takardar banki. A nan ma akwai ɗan tarko, dan a Misiranci kunt da ba'att sigarsu ɗaya ce ko "ni" ake nufi ko "kai" namiji, rubutun ba zai gaya maka ba. Wanda ke tura kuɗi Kawu ne, wanda ke loda kaya shi ne, da haka na raba you da I, kuma na rubuta hakan a bayanin ƙasa dan kar wani yace na ƙirƙira.

In sha Allah ta fito ya fi sau talatin a hirar. A nahawu jumlar sharaɗi ce cikakkiya, in ce da fi'ilinta, amma ban fassara ta da "if God wills" ba dan a Turancin takardar kotu sai ta yi kama da wani sharaɗi da aka gindaya wa alkawarin. "God willing" na sa ko ina, iri ɗaya, ban cire ko ɗaya ba, Barista ce zata yanke nauyinta ba ni ba.

Dare na uku na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya da lau ɗin da na zagaye, guda ashirin da shida. Goma sha ɗaya lau samaht ne, goma sha uku if ce ta abin da ake jira, biyu kacal suka zama na "da a ce". Na buga komai a shagon firinta na bakin layinmu, Larabci a dama Turanci a hagu, kowane sashe da lambarsa kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa, bayanan mai fassara guda biyar a ƙasa, na sa hannu a shafin ƙarshe. Da safe muka kai mata ni da Kawu, ta karanta sashe na 4 da saƙon hawala sau biyu, ta ajiye jan biron, tace Alhaji ya kawo mata asalin takardar bankin da hatimi kafin ranar Alhamis.